Yadda ake haɗa kuskus da bulgur su fito wara-wara

Kuskus ɗin da ake sayarwa a leda ko a kwali dafaffe ne tun daga kamfani. Ana yin sa da tsakin alkama mai tauri, irin wadda ake yin taliya da ita. A yayyafa wa tsakin ruwa, a murza shi ya zama 'yan ƙananan ƙwayoyi, a turara shi har ya nuna, sannan a busar da shi a zuba a leda. Wato abin da ya rasa ruwa ne kawai, shi aka cire masa, shi kuma za ki mayar masa. Yawancin kuskus ɗin da kika ga ya caɓe, in kika bi diddigi, an yi masa dahuwa ta biyu ne a kan wadda aka riga aka yi masa.

Ni ma haka na fara. Ranar farko da na sayo shi, kallon shinkafa na yi masa. Na wanke shi tas, na ɗora ruwa har ninki biyu, na zuba, na bar shi a kan wuta ina leƙawa ina juyawa da ludayi don kada ya kama. Da na sauke, ludayin tsayawa ya yi cak a tsakiyar tukunya. Kuskure huɗu na yi a tukunya ɗaya: wanki, yawan ruwa, wuta, da juyi. Kowanne shi kaɗai ya isa ya ɓata aikin.

Dalilin kuwa sitaci ne. Kowace ƙwaya tana da iyakar ruwan da za ta iya sha ta kumbura ba tare da ta fashe ba. In ruwan ya wuce haka, bayanta ya yi laushi ya fara narkewa, sitacin ya fito ya zama danƙo, ya liƙe ta da maƙwabciyarta. Wuta tana hanzarta wannan, juyi kuma yana goge sitacin daga jikin ƙwayar ya baza shi ko'ina. Saboda haka duk matakan da ke tafe abu ɗaya suke karewa, a bar sitacin a cikin ƙwaya.

Mu ɗauki kofi biyu na kuskus, wanda zai ishi mutum huɗu in akwai miya. Za ki buƙaci ruwa kofi biyu, mai cokali biyu babba, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Kowane irin kofi kika ɗauka ya yi, sharaɗin dai wanda kika auna kuskus da shi, shi za ki auna ruwa da shi. Ɗaya ga ɗaya ke nan. Za ki ga wasu ledojin sun rubuta kofi ɗaya da rabi na ruwa ga kofi ɗaya na kuskus. Ni dai ban yarda da wannan awon ba, yana fito da shi a jiƙe, da nauyi. Ki fara da ɗaya ga ɗaya. In ya yi ƙaranci ana ƙarawa daga baya, in ya yi yawa kuwa cire shi aiki ne.

Kada ki wanke shi. In akwai gari-gari a gindin ledar, ki zuba shi a rariya ki girgiza garin ya zube, domin wannan garin shi ne farkon abin da ke zama kunu in ruwa ya taɓa shi.

Zaɓen mazubi yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ki nemi kwano mai faɗi, ko faranti mai ɗan zurfi, yadda in kika baza kuskus ɗin kaurinsa ba zai wuce yatsa biyu a kwance ba. In kika zuba shi a ƙaramar tukunya mai zurfi, na ƙasa yana zaune cikin ruwa, na sama kuma ya danne shi yayin da yake kumbura, sai ki tarar da gindin ya daskare kamar an danna shi da hannu, saman kuma da saura. In kwanon tangaran ne mai kauri, ki ɗauraye shi da ruwan zafi tukuna ki goge, don kada sanyinsa ya shanye zafin ruwan da za ki zuba.

Yanzu sai mai. Ki zuba cokali biyun a kan busasshen kuskus, ki sa hannu ki murza shi tsakanin tafukanki, kamar mai wanke hannu a hankali, har sai babu ƙwayar da mai bai taɓa ba. Za ki ga launinsa ya ɗan yi duhu, yana sheƙi, in kika damƙa kika saki ya zube kamar jiƙaƙƙen yashi da ya fara bushewa. Minti ɗaya ya isa. Man zaitun ya fi ƙamshi, amma kowane man girki zai yi aikin. Mutane da yawa suna zuba man ne a cikin ruwa, kuma ba laifi ba ne, sai dai mai yana tasowa saman ruwa, ba ya kai wa ga kowace ƙwaya. Murzawa da hannu ita ce ke sa wa kowace ɗaya rigarta, yadda ruwa zai shige ta amma ba za ta liƙe wa ta kusa da ita ba.

Ruwan ya zama tafasasshe sosai, ba mai ɗumi ba. Kuma ki auna shi bayan ya tafasa. In kika auna kofi biyu kika ɗora, kika tafi wata hidima ya yi ta tafarfasa, abin da za ki sauke ba kofi biyu ba ne. Ki tafasa fiye da bukata, ki ɗebi kofi biyu daga ciki, ki narkar da gishirin a nan. Gishirin da aka barbaɗa bayan kuskus ya kumbura ba ya shiga, sai wani cokali ya yi zau wani ya yi lami. In da romon kaza ko na nama za ki yi amfani maimakon ruwa, awon bai canza ba, sai dai ki tace shi, ki kuma rage gishiri.

Ki kwarara ruwan a kan kuskus ɗin gaba ɗaya, ki zagaya da shi ko'ina. Ki juya sau ɗaya tak da cokali mai yatsu don kada wani gefe ya zauna a bushe, ki daidaita saman ba tare da dannawa ba, ki rufe nan take. Murfin ya zauna daram. In babu murfin da ya dace, faranti ya yi, ki ɗora tawul a kai. Sai ki duba agogo, minti biyar. Ba wuta a ƙarƙashi, ba buɗewa, ba leƙe. Duk buɗewar da kika yi, tururin da ke gama aikin ne yake tserewa.

In kin fi son yi a tukunya, ki tafasa ruwan da gishiri, ki sauke tukunyar daga kan wuta gaba ɗaya, sannan ki zuba kuskus ki rufe. Kashe wuta kaɗai bai isa ba in murhun lantarki ne ko na gawayi, domin zafinsu yana daɗewa, zai ci gaba da dafa gindin.

Da minti biyar ta cika ki buɗe. Abin da za ki gani zai iya tsorata ki: ya haɗe ya zama faifai ɗaya, samansa sumul. Haka yake yi, bai lalace ba. A wannan gaɓar ce aka fi ɓata shi, domin hannu yana kaiwa ga ludayi, a luma shi har ƙasa a juyo. Yin haka yana yanko manyan curi ne, yana matse ƙwayoyin da ke da zafi da laushi. Ki ɗauki cokali mai yatsu, ki riƙa kartar saman a hankali, kamar mai share ƙasa da manjagara. Ƙwayoyin sama za su warware su gangaro, ki tura su gefe, ki karci na ƙarƙashinsu, a haka a haka har ki kai gindin kwano. Kofi biyu zai ɗauke ki kamar minti biyu. Kada kuma ki jinkirta wannan aikin. In kika bar shi a rufe minti ashirin ya huce a yadda yake, sitacin ya kama, curin ya yi tauri, warware shi sai da wahala.

Bayan kartar, ki juye shi a tire mai faɗi ki baza, ki bar tururin ya fita na minti biyu ko uku. In kina son bota, yanzu ne lokacinta, cokali ɗaya, ki yayyanka ta ƙanana ki watsa ta narke da kanta. Da ya huce yadda hannu zai iya jurewa, ki ɗan shafa mai a tafinki, ki riƙa ɗebowa kina murzawa a hankali kina sakin sa daga sama yana zubowa. Duk ɗan curin da cokali ya tsallake, yatsu za su same shi. Wannan matakin na hannu shi ne bambancin kuskus mai kyau da wanda ake tambayar yadda aka yi shi. Kofi biyun nan za ki ga ya ninka fiye da sau biyu.

Gwajinsa ba wuya. Ki damƙi kaɗan a hannu ki saki. In ya watse da kansa, ya yi. In ya zauna da shatin yatsunki, ruwa ya yi masa yawa. Sannan ki tauna. Ya kamata ya yi laushi har ciki amma haƙori ya san ya taɓa wani abu. In kika ji ƙaras-ƙaras a tsakiya, ko dai ruwan bai kai zafi ba, ko murfin ya yi sako-sako. Maganinsa ki yayyafa ruwan zafi cokali biyu ko uku, yayyafi da yatsu, ki rufe minti uku, ki sake karta. Kamfani da kamfani suna bambanta, wani kuskus ɗin ƙwayarsa ta fi girma kuma ta fi shan ruwa. In kin lura irin wanda kike saye kullum sai an ƙara masa, to nan gaba ki sa kofi biyu da kwata tun farko.

In kuwa ya jiƙe ne amma ƙwayoyin ba su narke ba, akwai sauran dabara. Ki baza shi siriri a tire, ki sa a tanda mai matsakaicin zafi, kamar digiri 150, na minti goma, kina fito da shi kina karta sau ɗaya ko biyu. In babu tanda, babban kasko a kan wuta kaɗan zai yi, kina girgizawa. Wanda ya riga ya narke ya zama dunƙule mai danƙo, wannan ba ya dawowa, kada ki wahalar da kanki. Ki fasa masa ƙwai, ki sa albasa da kayan ƙamshi, ki mulmula ki soya, ya zama wani abincin daban.

Wani abin da ke caɓar da kuskus bayan an gama shi lafiya lau shi ne abin da aka haɗa shi da shi. Tumatir, kokwamba da dafaffen kayan lambu duk suna sakin ruwa, ƙwayar kuma ba ta daina sha don an sauke ta. In za ki cakuɗa shi da irin waɗannan, ko za ki kwarara masa miya mai ruwa-ruwa, ki rage ruwan farko zuwa kofi ɗaya da kashi uku cikin huɗu ga kofi biyun, ki bar masa gurbin da zai sha romon. Kayan lambun kuma ki soya su daban, ki haɗa daf da ci.

Akwai hanyar da ta fi jiƙawa a kwano fitar da shi da sauƙin nauyi, ita ce turarawa, yadda ake yi a ƙasashen da abincin ya fito, Maroko, Aljeriya da Tunisiya. Can tukunya ce mai hawa biyu, miya tana dahuwa a ƙasa, kuskus yana shan tururinta a sama, kuma sau biyu ko uku ake turara shi. Ko na leda ma yana amfana da ita. Bayan kin murza kofi biyun da mai, ki yayyafa masa ruwan sanyi kofi ɗaya, ki baza ki bar shi minti goma ya sha, ki murza curin ya warware. Ki zuba shi a madambaci a sake, ba dannawa, ki tabbata ruwan ƙasa ba ya taɓa gindin madambacin. In ramukan suna da girma ki shimfiɗa ƙyalle mai shara-shara, in kuma tururi yana fita ta mahaɗar tukwanen biyu ki naɗe wajen da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, don a tilasta masa bi ta cikin ƙwayoyin. Ba a fara ƙirga lokaci sai an ga tururi ya ratso ya fito ta sama, daga nan minti goma sha biyar, a buɗe, domin murfi yana tara gumi ya ɗigo a kai. Ki juye a tire, ki yayyafa wani kofi ɗaya na ruwa mai gishiri kaɗan-kaɗan kina warwarewa, ya huta minti goma, ki mayar ki sake turarawa. Aikin ya kusa awa guda. Ranar da ake sauri ba na yin sa, amma in baƙi za su zo, ko kuskus ɗin yana da yawa, shi nake bi, saboda jiƙawa a kwano ba ta cika yin kyau ba in abin ya wuce kofi huɗu, sai dai a raba shi kwano biyu.

A kula, akwai wani mai manyan ƙwayoyi kamar ƙananan duwatsun ado, shi ma kuskus ake ce masa. Wannan ruwan zafi kaɗai ba ya nunar da shi. Dafa shi ake yi a ruwa mai yawa kamar taliya, minti takwas zuwa goma, a tsane.

Bulgur ɗan'uwan kuskus ne ta wajen cewa shi ma an riga an dafa shi, amma ginin jikinsa daban ne. Alkama ce sukutum aka tafasa, aka busar, aka ɓarza. Kuskus tsaki ne da aka haɗa ya zama ƙwaya, shi ya sa yake saurin narkewa. Bulgur kuwa gutsuren ƙwayar alkama ne na asali, da sauran dusa a jikinsa, don haka ya fi haƙuri da wuta. Abin da za ki fara dubawa shi ne girman ɓarzar, domin ita ke faɗa miki hanyar da za ki bi. Ki kuma tabbata bulgur ne, domin akwai ɓarzajjiyar alkama ɗanya da ke kama da shi a ido, ita kuwa tana cin lokaci da ruwa fiye da haka.

Mai laushin ɓarza, wanda ya yi kusa da kuskus a girma, jiƙa shi ake yi kamar yadda aka bayyana a sama, ɗaya ga ɗaya da tafasasshen ruwa, sai dai ki ba shi minti goma zuwa sha biyar a rufe. Mai manyan ɓarza shi ne yake son tukunya. Ga kofi biyu, ki zuba mai cokali biyu a tukunya mai kaurin gindi, ki zuba busasshen bulgur ki soya shi minti biyu zuwa uku kina juyawa, har ki ji ƙamshi irin na gasasshiyar alkama ya taso. Suyar nan tana yin aikin da murza mai ke yi wa kuskus, ta kuma ƙara masa ɗanɗano. Ki zuba tafasasshen ruwa kofi uku da gishiri. Leda takan ce huɗu, kuma huɗun yana yi wa wanda ɓarzarsa ta fi kowanne girma, amma ga yawanci uku ya fi fitar da shi wara-wara. Da ya tafaso, ki juya sau ɗaya, ki rufe, ki rage wuta zuwa can ƙasa, ki ƙyale shi minti goma sha biyu.

Sannan ki buɗe ki duba. In ya yi, za ki ga ƙananan ramuka a samansa inda tururi ya huda ya fito. Ki sa cokali ta gefe ki ɗan buɗa har gindi. In babu ruwa kwance, ki sauke. In da saura, ki mayar da murfi ki ƙara minti biyu ko uku. A wannan lokacin in kika ɗanɗana za ki ji kamar da ɗan sauran tauri, kada ki ƙara ruwa, hutun da zai yi ne zai ƙarasa shi. Ki shimfiɗa tawul mai tsabta a bakin tukunyar, ki ɗora murfi a kai, ki bar shi minti goma a gefe. Tawul ɗin yana shanye gumin da ke taruwa a cikin murfi, wanda da zai ɗiga ya jiƙa saman. Bayan nan ki karta da cokali mai yatsu daga sama zuwa ƙasa. Ko ya nuna sarai, bulgur yana da 'yar tauna a baki, haka halinsa yake, wanda ya ce sai ya dafa shi ya yi laushin shinkafa ƙarshenta fate zai samu.

In da tumatir za ki dafa shi, ki soya tumatirin tukuna har ruwansa ya ƙone mai ya taso, kafin ki zuba bulgur. In kuma ɗanye kika markaɗa kika zuba, to ki lissafa shi cikin kofi ukun nan. Wankin bulgur ba dole ba ne in na leda ne mai tsabta. In na awo ne mai ƙura, ki ɗauraye shi da sauri a rariya, ki tsane sosai, ki rage ruwan dahuwa da kamar kwatan kofi, tunda ya riga ya ɗan sha.

Ragowar kowannensu, ki bari ya huce a baje kafin ki rufe shi a roba, in ba haka ba gumi zai haɗe shi ya zama curi ɗaya. Yana kwana uku a firij lafiya. In za ki ɗumama, ki fara murza shi da hannu tun yana da sanyi, lokacin ne ya fi saurin warwarewa, sannan ki yayyafa ruwa cokali ɗaya ko biyu, ki turara minti biyar ko ki rufe shi a kasko a kan wuta kaɗan.